Rangwamen kuɗin haya: nawa ne ke komawa aljihun ma'aikaci?

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2026, lokacin da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki, 'yan haya da dama ke zaton gwamnati za ta mayar musu da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsu. Ba haka abin yake ba. Abin da dokar ta tanada shi ne a cire kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, muddin bai wuce Naira 500,000 ba, daga kuɗin shigar mutum kafin a lissafa masa haraji.

A ɗauki ma'aikacin da kuɗin shigarsa ya tsaya a Naira miliyan 3 a shekara bayan an cire fansho, yana kuma biyan hayar Naira 600,000. Naira 800,000 ta farko ba ta da haraji, ragowar Naira miliyan 2.2 kuwa ana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kanta, wato Naira 330,000. Idan ya nemi rangwame, za a cire Naira 120,000 tun daga farko, harajin ya sauka zuwa Naira 312,000. Sauƙin da ya samu ke nan Naira 18,000 a shekara, wato 1,500 a wata.

Wannan lissafi ya nuna cewa darajar rangwamen tana bin matakin harajin mutum ne. Wanda bai wuce Naira 800,000 a shekara ba babu abin da zai ƙaru da shi, domin dama ba ya biya. Cikakkiyar Naira 500,000 kuwa sai mai biyan hayar Naira miliyan 2.5 zuwa sama, kuma idan kuɗin shigarsa ya zarce Naira miliyan 50 sosai, inda ake karɓar kashi 25, sauƙinsa zai kai Naira 125,000.

Akwai kuma waɗanda aka bari a baya. Tsohon rangwamen bai-ɗaya da wannan ya maye gurbinsa kowa na samunsa, ko yana haya ko ba ya yi. Yanzu mai zaune a gidan gado ko gidan kansa ba shi da rabo, komai yawan iyalin da yake ciyarwa.

Kuma rangwamen ba ya zuwa da kansa. Sai ɗan haya ya bayyana ainihin abin da ya biya, hukumar haraji kuma tana iya neman shaida. A nan gizo ke saƙar, domin haya da yawa da baki ake ƙulla ta, wasu masu gidaje kuma na ƙin ba da rasit saboda kuɗin haya ma abin biya wa haraji ne. Don haka ɗan haya ya karɓi rasit mai ɗauke da sunansa, ya miƙa wa ofishin albashi, sannan ya duba takardar albashinsa ya ga ko harajin ya ragu.