Ɗigon Dala Bai Kamata Ya Danne Na Ɗanbatta Ba

Duk mai binciken da ya taɓa jera ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano a zanen ɗige-ɗige ya san abin da ke faruwa. Zai sa cunkoson jama'a a layin kwance, ya sa matsakaicin girman gonar magidanci a layin tsaye, yana son ya ga ko gona tana ƙanƙancewa yayin da mutane suke ƙaruwa. Sai zanen ya fito da 'yan ɗige-ɗige ƙalilan can gefen dama, sauran kuwa sun dunƙule a jikin layin hagu kamar tawadar da ta zube. A cikin wannan dunƙulen Ɗanbatta take, tare da yawancin ƙasar noman da aka yi binciken dominta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'aunin logaridim ne maganin irin wannan zane, ba tsinka layi ba, ba kuma share ɗigon da ya yi nisa ba.

Alƙaluman ƙidayar 2006 sun isa su nuna girman matsalar. Ɗanbatta tana da mutum kimanin 208,000 a kan murabba'in kilomita 732, wato kusan mutum 284 a kowane murabba'i. Doguwa, a can kudancin jihar, tana da kimanin mutum 151,000 a kan murabba'in kilomita 1,473, wato 103 ke nan. Dala kuwa tana da kimanin mutum 419,000 a kan murabba'in kilomita 19 kacal, abin da ya kai 22,000 a kowane murabba'i. Idan layin kwance yana da tsawon santimita 15, kuma ya tashi daga sifili zuwa 25,000 domin ya ɗauki Dala, to ɗigon Ɗanbatta zai sauka a milimita 1.7 daga farkon layi, na Doguwa kuma a milimita 0.6. Cunkoson Ɗanbatta ya kusa ninka na Doguwa sau uku, amma tazararsu a takarda ba ta wuce kaurin ɗigon kansa ba. Mai karatu zai tashi da tunanin cewa karkarar Kano duk ɗaya ce, alhali bambancin da ke tsakanin yankunanta shi ne ainihin abin da ake nema.

Kafin a nemi magani, wajibi ne a tabbatar ɗigon mai nisa gaskiya ne. Sau da yawa kuskuren awo ne ke haifar da shi. Murabba'in kilomita ɗaya hekta ɗari ne, don haka wanda ya gauraya su a layi ɗaya na jadawali zai ninka ko ya rage adadi sau ɗari, kuma alamar hakan ita ce adadin ya koma daidai da na maƙwabtansa da zarar an gusar da sifili biyu. Irin wannan gyara shi ake yi a jadawali. Dala kuwa ba kuskure ba ce, tsohuwar unguwar birni ce mai cike da jama'a. Share ta a ɓoye don zane ya yi kyau sauya hujja ne.

Dabarar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce tsinka layi: a yanke yankin da babu ɗigo, a sa alamar tsinkewa, a matso da ɓangaren dama. A wannan misali lissafi bai goyi bayanta ba. Ungogo da Kumbotso suna kusa da mutum 2,000 a murabba'i, Tarauni kuma tana kusa da 8,000, saboda haka ana iya yanke daga 2,000 zuwa 7,000 ba a taɓa kowa ba. To amma 5,000 kawai aka cire daga 25,000, kuma ɗigon Ɗanbatta zai gusa ne daga milimita 1.7 zuwa 2.1. Wanda ya matsa ya fara yankan daga 1,000 zai haɗiye Ungogo da Kumbotso, yankunan da birni yake cin gona a cikinsu, waɗanda suka fi kowa bayyana yadda ƙasar noma take ƙarewa. In kuma ya bar su, ya matse ma'aunin ɓangaren dama, santimita ɗaya za ta zama tana da ma'ana biyu a zane ɗaya, kuma duk layin da aka ja don nuna alƙiblar ɗige-ɗigen zai ba da gangaren ƙarya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ma'aunin logaridim yana auna ninki ne maimakon ƙari. A kansa, tazarar 100 zuwa 1,000 daidai take da ta 1,000 zuwa 10,000, domin kowacce ninki goma ce. Idan aka raba santimita 15 ɗin nan gida uku, daga 100 zuwa 100,000, kowane ninki goma zai sami santimita 5. Doguwa za ta zauna a bakin layi, Ɗanbatta a santimita 2.3, Ungogo da Kumbotso wajen santimita 6, Dala kuma a 11.7. Ba a cire kowa ba, ba a kuma yanke komai ba. Bugu da ƙari, ma'aunin ya dace da tambayar kanta, domin ƙarin mutum ɗari a murabba'i babban sauyi ne ga manomin Doguwa, amma a Dala ba wanda zai lura da shi. A Excel ana samun wannan ta buɗe Format Axis a zaɓi Logarithmic scale. A R kuwa layi ɗaya ake ƙara wa zanen:

```r
scale_x_log10(breaks = c(100, 200, 500, 1000, 2000, 5000, 10000, 20000))
```

Masu sukar wannan ma'auni suna cewa yana ruɗa wanda bai saba da shi ba, kuma suna da gaskiya. Tsakiyar 100 da 1,000 a kansa 316 ce, ba 550 ba. Jami'in gona da ya ga ɗigon Ɗanbatta kusa da tsakiya zai iya ɗauka 500 ne, ya kusa ninka adadin. Shi ya sa aka jera 200 da 500 a umarnin da ke sama: a rubuta ainihin adadi a jikin layi, a kuma faɗa a ƙarƙashin zane cewa kowane babban taki ninki goma ne. Iyaka ta biyu ita ce sifili ba shi da logaridim. Idan abin da ake aunawa buhunan takin zamani ne, manomin da bai sayi ko ɗaya ba zai ɓace daga zanen, ga shi kuma sau da yawa shi ne wanda binciken ya fi shafa. Hanyar ganewa ita ce a ƙirga ɗige-ɗigen zane a gwada da layukan jadawali. In sun gaza, a keɓe wa masu sifili wuri a gefe, a bayyana yawansu.

Tsinka layi yana da muhallinsa, inda ɗigo ɗaya tak ya ware, sauran kuma suka taru a ƙaramin zango. Ko a nan, zane biyu sun fi aminci: ɗaya mai ɗauke da kowa, ɗaya kuma na waɗanda suka taru, tare da ambaton sunan wanda aka bari. Wannan ma ita ce mafita idan masu karatu ba su saba da logaridim ba. Amma ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗanbatta, ko na Jami'ar Bayero, da yake riƙe da alƙaluman da suka tashi daga ɗari zuwa dubu ashirin, ya fara raba mafi girma da mafi ƙanƙanta. A nan amsar ta haura 200. Duk inda ta kai ɗari, babu kuma sifili a ciki, ma'aunin ninki ya kamata ya fara gwadawa.