Daga Allon Makaranta: Kirsimetin 7 ga Janairu

A nan Lagdo da Garwa, maƙwabtanmu Kirista, 'yan Katolika da 'yan Luta, suna bikin Kirsimeti, wato Nowel, ran 25 ga Disamba. Amma bayan mako biyu sai mu ji a rediyo cewa a Rasha da Masar da Habasha sai ran 7 ga Janairu ake yi. Waɗansunmu kan ce ai saɓanin ganin wata ne irin namu na Sallah. To, ba haka ba ne. Wata bai shigo zancen ba, lissafin rana ne tsantsa.

Asalin abin shi ne, a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Rum Yuliyus Kaisar ya kafa kalanda mai kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya a Fabrairu duk shekara huɗu. Ke nan ya ɗauki shekara kwana 365 da awa 6 cif. Alhali kuwa duniya kan gama kewaya rana cikin kwana 365 da awa 5 da kusan minti 49. Shekarar Yuliyus ta zarce da minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi. Abin kamar ba kome, amma da yayyafi kogi kan cika. Duk shekara 128 waɗannan mintoci kan taru su zama kwana guda, kalanda ta koma baya kamar agogo mai jinkiri.

Malaman coci sun lura da haka ne wajen lissafin Ista. Tun zamanin taron Nikiya na shekarar 325 suke ɗaukar 21 ga Maris a matsayin ranar da dare da yini ke daidaita. Zuwa ƙarni na 16 daidaituwar ta zame ta koma wajen 11 ga Maris. Saboda haka a 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10. Aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Jumma'a 15 ga Oktoba. Ya kuma kafa doka cewa shekarar cikon ɗari ba za ta sami 29 ga Fabrairu ba sai in 400 ta raba ta ba saura. Wannan ce kalandar da ke rataye a makarantunmu da ofisoshinmu.

Cocin Gabas, wato Otodoks, sun rabu da Rum tun 1054, don haka umurnin Paparoma bai hau kansu ba, suka ci gaba da tsohon lissafi. Ko da gwamnatin Rasha ta koma sabuwar kalanda a 1918, cocin ƙasar bai bi ta ba.

Yanzu mu ɗauki alli. Tazara ta fara da kwana 10. A 1700 da 1800 da 1900 tsohuwar kalanda ta ƙara kwana, sabuwa ba ta ƙara ba, ta zama 13. A 2000 duka biyun sun ƙara, tazara ta tsaya. To, ɗora 13 a kan 25, ka sami 38. Cire kwana 31 na Disamba, saura 7. Ashe mutumin Mosko ko Balgired ko Ƙudus da ke shiga coci ran 7 ga Janairu, a kalandar cocinsa 25 ga Disamba ce. Kibɗawan Masar da Habashawa suna da sunayen watanninsu dabam, amma ƙarin kwanansu irin na Yuliyus ne, shi ya sa suka faɗa nan su ma. Kuma 7 ɗin ba ta dindindin ba ce. A 2100 tazara za ta kai 14, daga 2101 bikin ya koma 8 ga Janairu.

Sai dai kada mu yi musu kuɗin goro. Cocin Girka da na Romaniya sun karɓi gyararren lissafi a 1924, suna biki ran 25 ga Disamba tare da Katolika. Haka ma cocin Otodoks na Girkawa da ke Yawunde, wanda ke ƙarƙashin Iskandariya. A 2023 kuma manyan coci-cocin Yukren suka baro tsohon lissafi, suna masu nesanta kansu da Mosko a lokacin yaƙi. Kun ga kalanda ma takan zama tuta.

Don haka in ɗanmu ya tafi karatu Azhar ya tarar ana hutu ran 7 ga Janairu, kada ya ce wa maƙwabcinsa Bakibɗe ya makara. Ya yi masa barka, don a lissafinsa ranar ce daidai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.