Man aski iri biyu ne: kar mu ƙona fuskarmu da kanmu

Da yawa cikinmu da ke babbar sakandare gashin baki da saje sun fara tsirowa, wasu kuma baba ko yaya ke aikenmu kanti sayo man aski. A shagunan Jega, Aliero da Maiyama, idan muka ce a ba mu man aski, ɗaya cikin abubuwa biyu za a miƙo mana, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne mai kumfa. Ba ya cire gashi, tausasa shi kawai yake yi domin reza ta zame. Na biyu hoda ce da ake kwaɓawa, ko kirim, wanda ke narkar da gashi ba tare da reza ba. Mu tuna darasin kimiyya: fatar mutum tana wajen 5 a ma'aunin pH, shi kuwa mai narkar da gashi yana kaiwa wajen 12. Furotin ɗin da ya gina gashi, wato keratin, shi ne kuma a saman fata. Saboda haka abin da zai narkar da gashi zai iya cin fata.

Wace fuska ce ba ta da juriya? Ita ce wadda sabon sabulu ko turare ke sa ta ƙaiƙayi, ko take raɗaɗi ta yi sāɓa bayan aski. Mai irin wannan fuska, mai kumfa ya fi masa. Mu juya bayan kwalba mu duba jerin sinadarai, domin wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Mu nemi mai gilisarin ko man kaɗanya, mu bar mai ƙamshi da mai mentol. Sanyin da mentol ke sawa ji ne kawai, ba waraka ba. Mu kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Bayan aski ma zaɓi biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa mai ƙamshi, wanda yawancinsa alkohol ne, ɗan'uwan sifirit ɗin da ake shafa mana a shagon aski. Akwai kuma mai kauri kamar madara, wanda ke riƙe danshi. Reza tana kankare siririn saman fata, alkohol kuma ya ƙara busar da wurin. Don haka zafin nan da muke ji ba alamar magani na aiki ba ce. Idan alkohol ya zo a farkon jeri, mu mayar da kwalbar. In kuɗi sun gaza, ɗan man kaɗanya mai tsabta ko basilin marar ƙamshi ya wadatar, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da zafin Afrilu kuwa, a shafa kaɗan ƙwarai.

Mu ɗauki misali. A ce ɗalibi a Aliero ya sayo sabon mai, kuma ran Asabar zai taya babansa aiki a gonar albasa. Ran Laraba sai ya shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, ya sa ido har kwana 2. Man bayan aski a bar shi a wurin, mai kumfa kuwa a wanke bayan 'yan mintuna. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko kumburi, man bai karɓe shi ba. In lafiya lau, ya yi askin ran Juma'a da dare, don kada gumi da ƙura su sauka kan sabon aski. Ya ɗora tsumma mai ɗumi minti 3, ya shafa kumfa, ya bi kwanciyar gashi da sabuwar rezarsa shi kaɗai, sannan ya ɗauraye da ruwan sanyi ya shafa man.

Sai mu lura da lokacin da matsala ta bayyana. Raɗaɗi nan take yakan zo daga man ko daga reza mai dakushi. Ƙurajen da ke fitowa ƙarƙashin haɓa bayan 'yan kwanaki kuwa daban ne: gashinmu mai lanƙwasa ne, idan an aske shi ƙwal sai tsininsa ya juyo ya soki fata. Canza mai ba zai magance wannan ba. Sai a daina askin na wasu makonni, daga baya a koma kilifa mai barin gashi kamar milimita 1.

Kada mu karɓi man kemis mai haɗe-haɗe don ƙuraje ba da izinin likita ba, domin da yawansu na ɗauke da sitiroyid mai sirantar da fatar fuska. In ƙuraje sun yi mugunya, ko sun fara zama tabo mai tudu, babban asibiti za mu nufa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.