Yunwar da ƙarancin barci ke jawowa

Mai karatu, in kana zaune a Agege kana kasuwanci a Idumota, ka san yadda ranar take. Ka fita da asuba, cunkoson motoci ya riƙe ka har goma na dare, barcinka bai wuce awa huɗu ko biyar ba. Ka karya da shayi da burodin Agege, amma kafin azahar yunwa ta fara ƙwaƙular cikinka. Uwargida ta ce kwaɗayi ne. Ni kuwa ina ganin da sauran magana.

Akwai sinadarin da tumbi ke saki cikin jini idan ya zama wayam, sunansa girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. Yana hawa dab da lokacin da ka saba cin abinci, ya sauka bayan ka ci. Na biyu shi ne leftin, da aka gano a 1994. Kitsen jiki ne ke samar da shi, kuma aikinsa a hankali yake, yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu, a sassauta ci.

To ina barci ya shigo? A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago suka gwada samari 12. Dare biyu an ba su awa huɗu kacal a kan gado, wasu dare biyun kuma awa goma. Bayan gajeren barcin, leftin ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, samarin kuma suka fi sha'awar kayan zaƙi da masu sitaci. Mutum 12 ba yawa ba ne, amma binciken da ya biyo baya ya sha nuna cewa wanda bai ƙoshi da barci ba yakan ci fiye da kima.

Mai ƙiba zai ce, ai nawa kitsen ya isa ya hana ni yunwa. Leftin ɗinka yana da yawa kam, sai dai ƙwaƙwalwa ta rage jin kiransa.

Cunkoson Legas ba a hannunka yake ba, amma karin kumallo yana hannunka. Abinci mai gina jiki ya fi daɗewa yana danne girelin a kan sukari da fulawa, don haka sa mai shayi ya soya maka ƙwai biyu, ko ka haɗa da ƙosai ko alala, ka rage sukarin. Da ka dawo gida kuma ajiye waya, rabin awar nan ta barci ce.

In kuwa yunwar ta zo da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, kana ci kana ramewa, je asibiti a auna sukarin jininka cikin makon nan.