A Mayar Da Dara Aji

'Yan'uwa malamai, ina ganin lokaci ya yi da dara za ta shigo darasin lissafi a aji uku. Gurabenta layi biyar ne, kowanne rami shida, kuma kowane ɗan wasa na riƙe da tsakuwa ko tsinke goma sha biyu. Kafin a fara, a sa yara su haƙa ramukan da kansu, suna ƙirga shida, sha biyu, sha takwas, har talatin. Bayan an jera, a tambaye su: rami nawa ya rage? Wanda ya ce shida ya cire ashirin da huɗu daga talatin. Wanda ya koma ƙirgawa ɗaya-ɗaya bai kama ninkawa ba tukuna. Shi za a zauna da shi. Amma in malami bai yi tambaya ba, wasa kawai aka yi.