Sharhi: Nawa ne kilon yuraniyom idan mai saye da mai sayarwa gida ɗaya ne?



Tun 1971 da kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a Arlit, manyan motoci suka yi ta ratsa Agadas ɗauke da gangunan garin nan mai ruwan ɗorawa. Shekaru da dama hanyarsu ɗaya ce: Tawa, Kwatano, sannan jirgin ruwa zuwa Faransa. Kaso mafi tsoka na kayan kuwa, mai sayensa a lokacin shi ne kamfanin da ke riƙe da kusan kashi 63 cikin ɗari na jarin Somair ɗin, wato Areva, wanda ya koma Orano a 2018. Mai saye da mai sayarwa tukunyarsu ɗaya.

Idan mutum ya sayar wa ɗansa raƙumi a kasuwar dabbobi, ba dillalin da zai ɗauki kuɗin da suka ambata a matsayin kuɗin raƙumi na ranar, domin ba a yi tayi ba, ba a yi albarka ba. Haka cinikin kamfani da uwarsa yake. Uwar ba ta asarar komai idan reshen ya sayar mata da araha, tunda ribar da ta ɓace a Arlit za ta bayyana a littafinta na waje. Mai asara ita ce baitulmalin ƙasar da aka haƙo kayan, saboda haraji kan riba ake ɗora shi. Shi ya sa hukumomin haraji, har da DGI ta Nijar, ke da ikon ture farashin da ke kan takardar ciniki, su maye gurbinsa da wanda bare biyu za su daidaita a kai. Ƙungiyar OCDE ta fitar da cikakken jagora kan wannan ƙa'ida a 1995, kuma akasarin ƙasashe da shi suke aiki.

Ga misali, da kamfanin da babu shi, da lambobin da na zaɓa don saukin lissafi. A ce wani kamfanin haƙa a jihar Agadas ya sayar wa uwarsa kilo miliyan 1 a shekara, kowane kilo jika 40, a karɓa a ƙofar ma'adinai. Ciniki ya kama miliyar 40 na sefa. Albashi, gazuwal, sinadarai da lalacewar injuna sun ci miliyar 36. Ribar da ya bayyana miliyar 4 ce, harajin riba na kashi 30 cikin ɗari ya zama miliyar 1 da miliyan 200.

Mai binciken haraji da ya san aikinsa ba zai fara da zargi ba. Zai nemi cinikin da za a auna wannan da shi, kuma mafi inganci shi ne wanda kamfanin da kansa ya yi da bare. A ce ya tarar cewa a wannan shekarar kamfanin ya sayar wa wata tashar lantarki da ba su haɗa komai ba, kaya iri ɗaya, a kan jika 50. Mai gaggawa zai ce gibin jika 10 ne. Ba haka ba ne. Kwangilar baren ta ce a kai masa kayan har Turai, kuma kamfanin ne ya biya mota, jirgi da inshora, jika 2 a kowane kilo, yayin da uwar ta ɗauki nata a ƙofa. Sai an cire wannan jika 2 cinikin biyu za su tsaya wuri ɗaya. Farashin bare a ƙofar ma'adinai jika 48 ke nan, gibin kuma jika 8.

Jika 8 sau kilo miliyan 1, miliyar 8. Wannan shi ne gyaran. Hukuma ba ta ce wa uwar ta sake biyan kuɗin kaya, ba ta kuma soke cinikin. Ƙara miliyar 8 take yi a kan ribar da za a yi wa haraji, ta tashi daga miliyar 4 zuwa 12. Haraji ya koma miliyar 3 da miliyan 600, ƙarin miliyar 2 da miliyan 400, ban da tara.

A harkar ma'adinai abin bai tsaya nan ba. Tsohuwar dokar Nijar ta 2006 ta ɗaure kuɗin haƙƙin ma'adinai da yawan riba: kashi 5.5 na ciniki idan ribar ba ta wuce kashi 20 ba, kashi 9 idan tana tsakanin 20 da 50, kashi 12 idan ta haura. A misalinmu, riba 4 cikin 40 kashi 10 ne, matakin ƙasa. Riba 12 cikin 48 kuwa kashi 25 ne, an haye mataki na biyu. Haƙƙin da ya kasance miliyar 2 da miliyan 200 ya wuce miliyar 4. Gaskiya ne shi ma ana cire shi daga riba, don haka ƙarin harajin can zai ɗan sauka, amma dai ragin jika 8 ya ci ƙasa ta ƙofa biyu.

To, a takarda lissafin mai daɗi ne. Wahalar tana wajen samo baren. Yuraniyom ba shi da kasuwar fili irin ta zinariya. Kamfanoni biyu, UxC da TradeTech, su ke tattara labarin ciniki su wallafa farashi, kuma farashin iri biyu ne: na sayen nan take, da na kwangilar shekaru, wadda ita ce tashoshin nukiliya suka fi dogara da ita. A tsakiyar 2007 na nan take ya kai wajen dala 136 kowace laba, lokacin da farashin da Nijar ta yarda da shi yake sefa 27,300 a kilo, kafin a ɗaga shi zuwa 40,000 a wannan shekarar. Ko da an gyara ma'auni, domin kilo ɗaya na yuraniyom daidai yake da laba 2.6 na garin da kasuwa ke aunawa, tazarar mai girma ce. Amma a 2013 farashin Nijar ya kai 73,000, ya ɗara na nan take, wanda ya faɗi bayan hatsarin Fukushima na 2011. Wanda ya auna kwangilar shekara goma da farashin mako guda, wata shekara zai ga zamba inda babu, wata shekara ta wuce ta gabansa bai gani ba.

A lura kuma, wancan farashi na Nijar da gwamnati aka zauna aka yanke shi, kuma da shi kamfanin ƙasa yake ɗaukar nasa kason. Wannan bai mai da shi farashin bare ba, a ganina, domin teburin siyasa daban, kasuwa daban. Amma da wuya hukumar haraji ta ƙalubalanci lambar da gwamnatinta ta sa wa hannu. Yarjejeniyar watan Mayun 2014 ta sauya tsarin, aka ɗaure farashin da na kasuwannin duniya.

Akwai kuma ɓangaren uwar kamfanin. Miliyar 8 ɗin da Nijar ta ce ribarta ce, an riga an yi mata haraji a ƙasar uwar. Idan waccan ƙasa ba ta rage nata lissafin ba, riba ɗaya ta sha haraji sau biyu. Yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe ita ke buɗe hanyar sasanta wannan, kuma wadda ke tsakanin Nijar da Faransa tun 1965, Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a Disamban 2023.

A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa, Cominak kuwa ta rufe tun Maris 2021. Amma Somina ta Azelik tana da babban mai jari daga Sin, aikin Dasa kuma akasarinsa na Global Atomic ne na Kanada. Duk ranar da irin waɗannan kamfanoni suka yi ciniki da nasu, ko sayar da kaya ne, ko sayen injuna, ko karɓar bashi da ruwa, mai binciken DGI zai buƙaci kwangilar kanta a hannunsa, ya ga ranar da aka ƙulla ta, tsawonta, inda ake miƙa kaya, da wanda ya biya mota.