A Sauya Riga, Amma a Bar wa Mutum Jikinsa

Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, har hanyar da ta ratsa dajin Falgore ta nufi Doguwa, fastocin 'yan takara da kalandojin biki da hotunan tunawa da mamata suna da wani aibi guda da ido ya saba da shi har ya daina gani. Fuskar ta mai hoton ce, amma jikin na wani ne. Siririn malami ya zama ƙato mai ɗan mitsitsin kai saboda an ɗora masa babbar riga a kwamfuta. Dattijo mai ƙiba ya koma tamkar sanda saboda an cusa shi cikin kwat. Masu shagunan hoto suna kiran wannan gyara. Ba gyara ba ne, ƙarya ce a kan surar mutum, kuma ganganci ne ke haifar da ita, ba ƙarancin kayan aiki ba.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar iyakar tufafi a matsayin iyakar jiki. Babbar riga ba ta bin jiki. Tana rataye ne a kan kafaɗu, ta zubo ƙasa da nauyinta, faɗinta kuma na yadi ne, ba na ƙirji ba. Kwat da matsattsiyar riga kuwa suna bin kafaɗa da ƙirji da ƙugu. Saboda haka sauya ɗaya da ɗaya aiki ne iri biyu mabambanta, kuma ɗaya daga cikinsu ne kawai ake iya yi da gaskiya.

Kafin a taɓa tufafi, akwai wuraren da ba sa motsi ko me mutum ya saka: ramin wuya, ƙarshen kafaɗu biyu, gwiwar hannu da wuyan hannu. Ma'aunin da masu zane suka daɗe suna amfani da shi shi ne tsawon kai, daga tsakar ka zuwa haɓa, ban da hula. Baligi yakan kai tsawon kai bakwai zuwa bakwai da rabi, faɗin kafaɗun namiji kuma yakan yi kusan tsawon kai biyu. Wannan ba doka ba ce da za a tilasta wa kowa. Abin dubawa ne kawai. Ainihin ma'aunin shi ne na mai hoton kansa, wanda za a auna a hotonsa na asali.

A ɗauka wani mutumin Bebeji ya kawo hoton da aka ɗauke shi a bakin madatsar ruwa ta Tiga, yana sanye da ƙaramar riga mai bin jiki, yana son a sa masa babbar riga don fasta. A hoton, tsawon kansa fiksel 200 ne, faɗin kafaɗunsa 400. Rigar da mai shago ya ajiye a kwamfutarsa an yanko ta ne daga hoton wani mutum, kuma tazarar kafaɗun da ke ƙarƙashinta fiksel 520 ce. Mai gaggawa zai yanke kan ya manna a wuyan rigar. Nan take kafaɗu sun zama tsawon kai biyu da rabi da ɗoriya, maimakon biyu, kuma abin da ke sa kai ya yi kama da ƙwallo a kan buhu ke nan. Wani kuma zai ja rigar ta gefe kawai don ya matse ta, sai aikin zaren da ke ƙirji ya tsuke, da'irarsa ta koma kamar ƙwai.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A buɗe sabon shafi a saman hoton asali, a sa ɗigo a ramin wuya da ƙarshen kafaɗu da wuyan hannaye. A kawo rigar, a rage duhunta har a riƙa hango jikin ta cikinta, sannan a rage girmanta da `Free Transform` zuwa kusan kashi 77 cikin ɗari, tsaye da kwance baki ɗaya, domin 400 kashi 77 ne na 520. Idan kafaɗar mutumin ta fi ta rigar gangarowa, rigar ce za a lanƙwasa da `Puppet Warp` ta bi shi, ba shi za a lanƙwasa ba. Hannayen rigar da ake naɗewa a kafaɗa za su ƙara kauri a waje da ɗigon, kuma daidai ne, domin haka yadi yake yi a zahiri. A ƙarshe a dawo da hannayen mutumin na asali. Tafin hannu, daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsa, yakan yi kusan tsawon fuska daga haɓa zuwa inda gashi ya fara. Hannun aro yakan tona asirin kansa ta nan ko ta launin fata.

Wannan shi ne aikin da ke yiwuwa, domin jikin a bayyane yake, yadi kawai aka ƙara. Akasinsa shi ne inda ya kamata mai shago ya tsaya. Idan mutum yana cikin babbar riga, ko mace tana cikin hijabi, hoton bai ƙunshi ƙirjinsu ko ƙugunsu ba. Babu abin da za a kiyaye, sai dai a ƙirƙira. Wanda ya matse gefen da `Liquify` yakan bar shaida a baya: ƙofa ta karkace, layin bulo ya lanƙwashe, hannu ya fito daga inda babu kafaɗa. `Generative Fill`, da Photoshop ya fito da shi a 2023, ya fi iya ɓoye shaidar, amma bai san jikin mutumin ba. Yana zana jikin da ya yi kama da waɗanda ya saba gani ne. Kyawun sakamakon bai mai da shi gaskiya ba, ya dai sa ƙaryar ta fi wuyar ganewa.

A kan mace kuwa abin ya wuce batun fasaha. Wadda ta zaɓi ta suturta jikinta lokacin da aka ɗauke ta, in aka zana mata sura cikin matsattsen ɗinki ba da saninta ba, an jingina mata abin da ba ta nuna ba, kuma hoton da ya shiga wayoyin gari ba ya dawowa.

Masu shago za su ce mai kuɗi ne ya nema, kuma mamaci ba ya dawowa a sake ɗaukarsa. Dukansu gaskiya ne, amma babu wanda ya zama uzuri. Mai rai a ba shi rigar ya saka a sake ɗauka. Hakan ya fi awa guda a gaban kwamfuta sauƙi. Mamaci kuwa a zaɓa masa tufafin da ya kai na asali yalwa ko ya fi, ko a yanke hoton daga ƙirji zuwa sama, inda fuska da wuya da kafaɗa suke da shaida. Jikokin da ba su riski kakansu ba da wannan hoton za su san shi, kuma haƙƙinsu ne su ga shi ɗin, ba jikin baƙo ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki batun da nauyi har ya shiga doka. Tun 2017 Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi idan an sauya surar jikin mai tallar, Norway ma ta bi sahu a 2022. Kiru da Doguwa ba sai sun jira doka ba. Mai karɓar aiki ya nemi a ajiye masa hoton asali kusa da sabon a girma ɗaya, ya auna faɗin kafaɗu da tsawon kai a duka biyun, ya dubi layukan bango da hannaye. Idan kafaɗun sun tashi daga inda suke, kada ya biya sai an mayar da su.